Wasiƙar da na rubuta sau biyu kafin na sauka daga ma'ajiyar ƙungiyar marayu

Shekara biyar ina riƙe da kuɗi da littafin wata ƙaramar ƙungiyar mata a unguwarmu a Kano. Aikinmu biyu ne, biyan kuɗin makarantar marayu kowane zango da ɗinka musu kayan Sallah. Babu mai karɓar ko sisi a cikinmu. Da na samu gurbin ƙaro karatu na ƙarshen mako, ga koyarwa Litinin zuwa Juma'a, ga gida, sai aikin ya fara zubewa a hannuna. Rasit ya taru a jaka wata biyu ban shigar ba. Ranar da aka koro yaro ɗaya daga makaranta saboda na manta ban kai kuɗinsa ba, alhali kuɗin na nan a asusu, ranar na yanke shawarar sauka.

Wasiƙar farko na rubuta ta a watan Safar, kuma ba ta yi aiki ba. Na cika ta da ban-haƙuri, na jero dalilai har huɗu, sannan na rufe da cewa zan ci gaba da riƙewa har Allah ya kawo wadda za ta karɓa. Shugabarmu, dattijuwa ce da muke kira Mama, ta karanta ta ce, "'Yata, wa ya ɓata miki rai?" Na ce babu kowa. Ba ta yarda ba, domin a wajenmu wanda ya kawo takardar ajiye aiki ba tare da ya fara zuwa da baki ba, ana ɗauka fushi ya yi. Aka turo mata biyu gidana su ba ni baki. Dalilan nan huɗu kuwa, kowanne aka samo masa magani: wannan za ta riƙa zuwa banki a madadina, waccan za ta taya ni lissafi. Kunya ta hana ni musu. Wata huɗu suka wuce ba a nemi kowa ba, kuma ban ga laifinsu ba, ni ce na rubuta da hannuna cewa ina nan har sai an samu.

A Jimada Sani na sake shiri. Na je gidan Mama bayan la'asar, na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata komai, har da maganar yaron da aka koro, wadda na ɓoye a baya. Sai da ta ce ta fahimta na miƙa takardar. Ga abin da ke cikinta bayan sallama da gaisuwa:

"Mama, ina sanar da ke da sauran 'yan uwa cewa zan sauka daga matsayin ma'ajiya a ranar ƙarshe ta watan Rajab. Dalilina ɗaya ne, ba ni da lokacin da amanar nan take buƙata. Babu wanda ya saɓa mini. Ina roƙon a zaɓi wadda za ta gaje ni a taron wannan watan, zan zauna da ita kowace Asabar da yamma har sau shida in koya mata aikin. Bayan na sauka, wayata a buɗe take gare ta har zuwa ƙaramar Sallah. Zan ci gaba da biyan gudummawata ta wata a matsayin mamba."

Sa ranar sauka ne ya motsa kowa. A taron da ya biyo baya aka zaɓi wata matashiya mai shagon kayan masarufi, wadda ta saba da rubuta shiga da fita. Ƙarshen Rajab kuma da gangan na zaɓe shi. A Sha'aban muke shiga Kantin Kwari sayen atamfa da yadi, domin teloli na daina karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba. Da na sauka ana tsakiyar wannan hidima, da ta karɓi aiki a lokacin da ya fi kowane wuya. Da na ce sai bayan Sallah, da na sake shiga irin jiran da na fito daga ciki.

Na zaci littafin kuɗi ne zai ci lokacinmu, amma Asabar ɗaya ta ishe shi. Muka ɗora jimillar littafi a kan takardar bayanin asusu daga banki, muka ga ratar naira dubu takwas. Muka bi layi-layi har muka gano ladan tela ne da na biya da hannu ban karɓi rasit ba. Muka je wajensa ya rubuta mana. Na dage a yi wannan a gaban mambobi biyu, su sa hannu a ƙarƙashin jimillar ƙarshe, don kada gobe a rasa inda nawa ya tsaya da inda nata ya fara.

Abin da ya cinye sauran makonnin shi ne wanda babu shi a kowane littafi, yana kaina kawai. Akwai uwar marayu da ba za ta taɓa shiga layi ba, sai dai a kai mata kayan da daddare a leda, kamar an je zumunci. Akwai gidan da ba a ba da kuɗin makaranta a hannu, ana kai wa makarantar kai tsaye a karɓo rasit. Akwai mai ba mu gudummawa da ba ya son a ambaci sunansa, kuma ba ya son a tuna masa fiye da sau ɗaya. Da na zauna rubuta irin waɗannan sai da na cika shafi bakwai, kuma na ji nauyin cewa shekara biyar ƙungiya na tafiya a kan abin da zai ɓace da na kwanta ciwo. Rubutun ma bai wadatar ba, sai da na ɗauke ta muka shiga gidajen ɗaya bayan ɗaya na gabatar da ita. Matar da mijinta ya rasu ba ta buɗe wa baƙuwar fuska sirrin gidanta don an nuna mata takarda.

A Asabar biyu na ƙarshe na daina taɓa biro. Ita ke rubutawa, ni ina gefe, ko na ga kuskure sai ta gama nake tambayarta ta sake dubawa. Wannan ya fi mini komai wahala, don hannuna ya saba.

Inda na makara shi ne banki. Asusunmu na mutum biyu ne masu sa hannu, ni da Mama. Canza suna ya buƙaci wasiƙar ƙungiya da rubutaccen bayanin taron da aka yanke shawarar, da hoton fasfo da katin shaida da BVN na sabuwar ma'ajiya. Ban fara wannan ba sai mako na biyar, ga shi taronmu ba a saba rubuta shi ba, sai da aka sake zama. Lambar da alat ke shigowa ma tawa ce. Saboda haka har tsakiyar Sha'aban ina fita daga aji in je in sa hannu a cire kuɗin atamfa. Da yau ne, ranar da aka zaɓe ta za mu fara haɗa takardun.

Cikin azumi ta kira ni sau uku. Na farko kan yadi nawa ake yanka wa 'yan mata ƙanana daga turmi mai yadi shida, na biyu kan wani tela da ya ƙara kuɗi. Na uku ana saura kwana biyu Sallah, ta ce, "Anti, an gama rabo, na kai wa matar nan nata bayan tarawihi kamar yadda kika ce."