Kokon Umma da romon kaza

Yau Talata. Umma ta kwana a gida bayan sallamar da aka yi mana jiya da yamma, taifot ne ya kwantar da ita ga amai ga gudawa, yanzu dai alhamdulillahi zazzaɓin ya sauka amma jikin duk ya saki, baki kuma babu ɗanɗano, komai aka kawo sai ta kau da kai. Nas ɗin da ta sallame mu ta ce a ci gaba da ba ta magani a kan lokaci har ya ƙare, abinci kuma mara nauyi, kaɗan-kaɗan amma akai-akai. To wannan kaɗan-kaɗan ɗin shi ne aikina na yau gaba ɗaya.

Ban sayi kokon mai koko ta bakin layinmu ba duk da nata akwai daɗi, saboda ita tana zuba barkono da citta da kanumfari da masoro sosai tun a wajen markaɗe, mai lafiya ne zai ji daɗinsa, cikin da ya sha wahala kam sai ya ji kamar an kunna masa wuta. Gasarata na yi da kaina tun tana asibiti. Gero rabin kwano na rege na wanke na jiƙa ya kwana, na sa citta 'yar ƙarama guda ɗaya kawai don ƙamshi, yara suka kai inji, na tace da mayani mai laushi har sau biyu don kada dusa ko kaɗan ta wuce, dusar nan ita ce ke motsa cikin mai gudawa. Da ta kwanta na tsiyaye ruwan saman na zuba sabo, kuma kullum haka nake canza shi, in ba haka ba a zafin Kano kafin ka ankara ta yi tsamin da ko mai lafiya sai ya yamutsa fuska.

Bayan asuba na ɗora ruwa kofi biyu, wajen rabin lita ke nan. Gasara cokali biyu na cin abinci na dama da ruwan sanyi kaɗan (dafaffe wanda ya huce, ba na tulu ba) har ta narke babu gudaji. Ga inda mutane da yawa ke ɓata koko: ruwa ya fara ƙara kawai sai su sauke su zuba. Dole ne ya tafasa sosai yana ɓulɓula, a sheƙa shi lokaci ɗaya ana juyawa. In ya nuna za ka ga farin nan ya dushe ya ɗan yi sheƙi kuma ya haɗe jikinsa, in kuwa ya tsaya fari fat kamar madara, ruwa daban gari daban yana warin ɗanye, to bai nuna ba, kuma ɗanyen ƙullu kumburin ciki yake sa wa. Ni ko ya haɗe ma sai na juye shi a tukunya na mayar kan wuta kamar minti uku ina juyawa, tunda na mara lafiya ne. Salala nake so, wanda in ka ɗaga ludayi zai zubo siriri ba ya ɗafewa, kuma a tuna yana ƙara kauri in ya huce, don haka a kan wuta gara ya fi yadda kake so ruwa-ruwa.

Sukari cokalin shayi ɗaya na sa, madara ban sa ba. Anti ta ce haba Zainab ai sai da madara zai ba ta ƙarfi, na ce Anti a bari tukuna, bayan gudawa hanjin wasu ba ya karɓar madara na ɗan lokaci, sukari mai yawa ma ƙara tsinka cikin yake yi. Ba ta ji daɗi ba amma ta yi shiru.

Na tada Umma zaune na sa mata filo a baya, na ce Umma daure ki sha ko cokali biyar ne. Ta ce ke dai ba kya gajiya. Ta sha kusan rabin kofi da cokali a hankali, na hana ta kwanciya nan take sai da ta ɗan jima, kuma bai dawo ba. Ragowar na zuba a filas don na hantsi, abin da ya wuce haka sabo nake damawa, koko in ya daɗe a filas tsinkewa yake yi ya yi tsami.

Da hantsi Yaya ya shigo da kazar Hausa daga kasuwar Rimi an yanka an fige. Na cire fatar duka da kitsen nan rawaya na wajen ciki da gindi, na ɗauki rabi, ƙashin baya da fiffike da cinya ɗaya, na zuba a ruwan sanyi kamar lita ɗaya da rabi. A ruwan sanyi ake farawa don daɗin naman ya fito cikin ruwan, tunda romon ake nema. Da ya fara tafasa kumfa mai datti-datti ta taso na kwashe ta tas, sannan na rage wuta sosai, in aka bar shi yana tafasa da ƙarfi mai da kumfa haɗewa suke yi da ruwan ya yi duhu ya yi nauyi. Albasa rabi, citta ɗanya kamar kan yatsa, tafarnuwa ƙwaya ɗaya, gishiri kaɗan, shi ke nan. Babu attaruhu babu mai babu kori, dunƙule ma ban sa ba. Ya yi awa ɗaya da rabi yana dahuwa a hankali don kazar Hausa akwai tauri, na tace da rariya, na bar shi ya ɗan tsaya man ya taso sama na dinga kwashewa da cokali. Da akwai wuta da firji zan sa man ya daskare na ɗauke shi gaba ɗaya, amma tun dare ba su kawo ba.

Wannan kam ta sha kofi guda da azahar har ta ce ya yi daɗi, gishirin nan ne ya buɗe mata baki ina jin. Tsakanin koko da romo kuma ruwan gishiri da sukari take kurɓa, na leda ɗaya a lita ɗaya na dafaffen ruwa, wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Abin da nake lura da shi shi ne fitsari, yau ta je sau da dama kuma ya fara haske, wato ruwa ya fara komawa jikinta.

Da la'asar 'yan dubiya suka cika falo, kowa da kularsa. Gwaggo ta kawo farfesun kayan ciki ja wur mai na yawo a kai, wata maƙociya kunun gyaɗa mai kauri. Na karɓa na yi godiya na wuce da su kicin, su Yaya suka yi wa farfesun dirar mikiya. Gwaggo ta biyo ni ta ce wai ruwa-ruwan nan da nake ba 'yar'uwarta yunwa ce za ta ƙarasa ta. Gaskiya tana da magana a nan, koko salala da romo ba su da wani ƙarfi, mataki ne kawai na kwana ɗaya ko biyu, wanda ya tashi daga taifot yana buƙatar abin da zai mayar masa da jiki. Na ce Gwaggo ki yi haƙuri gobe za mu ƙara, ba dai da kayan ciki za a fara ba.

Don haka da daddare na dafa dankalin turawa biyu a ragowar romon har suka yi luguf, na murƙushe da cokali na yayyaga tsokar cinyar ƙanana na zuba, ta ci cokali shida ta ce ya isa. In ta kwana babu amai, gobe shinkafa mai ruwa-ruwa da dafaffen ƙwai, kokon ma zan ƙara masa kauri. In kuwa zazzaɓi ya dawo ko ciki ya yi ciwo mai tsanani ko bayan gida ya yi baƙi, Yaya ya san babu jiran safiya, asibiti za mu koma, na ce ya bar wayarsa a kunne.