Talata, inci biyun Alhaji

Yau saura kaɗan in ɓata shadda yadi biyar wallahi. Na buɗe shago wajen tara, na shimfiɗa gezna ɗin wani Alhaji da nake wa ɗinki shekara uku ke nan, har na ɗauko alli sai ga saƙonsa a WhatsApp wai "Malam a rage inci biyu a rigar, wandon ma haka." Shi ke nan fa.

To inci biyu a ina? A littafina tsawon rigarsa 44 ne, jiki 48. In jiki yake nufi abin da sauƙi, tunda yadin a ninke huɗu yake rabin inci kawai zan matso da alli, kuma zan iya barin rara a ciki ko gobe ya ce ta matse shi a farke a saki, amma tsawo in almakashi ya wuce ya wuce, sai dai jobi, wato a haɗa wani ƙyalle, kuma wa zai kai wa Alhaji kaftani da jobi a ƙasa.

Yaron shagona ya ce oga ai tsawo ne, yanzu kowa gajere yake so, mu yanka kawai. Na ce a'a. Ya ce to rubuta masa "ba mu gane saƙonka ba". Wannan ma ban yarda ba, dattijo ne, sai ya ji kamar ana ce masa bai iya magana ba, alhali shi a ransa ya gama bayani tunda shi ya san inda tsohuwar rigar ke damunsa.

Sai na ɗora abin a kaina, na rubuta: "Ranka ya daɗe na ga saƙo, na gode. Ina gaban tebur yanzu, so nake in gyara awon da ke littafina kafin in sa almakashi. Riga: tsawo 44 ya koma 42, ko jiki 48 ya koma 46? Wando: tsawo 41 ya koma 39, ko wani wajen zan taɓa?" Da gangan na sa lambobin, don ko yana cikin kasuwa kalma ɗaya ta ishe shi amsa.

Shiru har azahar, na ajiye shaddar na kama wata jallabiya, yaro sai kallona yake wai muna ɓata lokaci.

Bayan la'asar Alhaji ya turo murya yana dariya, ya ce riga dai tsawo ne, amma wando bakin ƙafa yake nufi, tsohon wandon ya yi masa buje da yawa, 16 ya koma 14. Ashe da mun bi na yaro da wando ya ɗage sama da idon sawu. Na gyara littafi, na tura masa hoton shafin, ya ce madalla. Rigar na yanka kafin magariba, wandon sai gobe in an kawo wuta.