Wanda ya iya taka keke daban, wanda ya iya riƙe almakashi daban

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na leƙa shagon ɗan ƙanwata, wanda ya koyi ɗinki a hannuna shekara 6 kafin ya buɗe nasa. Kekuna uku gare shi, biyu na aiki, ɗaya an lulluɓe shi da zani. Na tarar da shi da wani saurayi sun haɗa kai a kan waya, saurayin yana ta tura hotuna da ɗan yatsa, ga kaftani, ga 'yar shara, ga babbar riga, wai duk aikinsa ne. Da ya fita, yaron nan ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Kawu, na samu tela. Litinin zai fara." Na ce ka ga ya yanka? Ya ce a'a, amma ai ga hotuna, kuma abokinsa ne ya kawo shi. Sai na ji kamar an dawo da ni wani azumi da ban so tunawa.

A lokacin shagona na Fagge, kuma ni kaɗai nake yanka. Azumi ya kai goma sha, ledojin ɗinkin Sallah sun cika ƙarƙashin tebur har ba wurin miƙe ƙafa. Duk telan da ya yi azumi a shago ya san wannan hali, kana ɗinki har sahur, kana yi wa mutane alkawarin da kai kanka ka san da wuya. Sai ga wani surukina ya zo da mutum, ya ce ya yi shekara 4 a wani babban shago, kuma mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla. Kaftanin da ke jikinsa ya zauna ɗas, wuyan ya kwanta kamar an zana. Na tambaye shi wa ya ɗinka, ya ce shi.

Kada a ce ban gwada shi ba, na gwada. Na ɗauko wando da na riga na yanka na ce ya haɗa. Kafin in gama sallamar wani mai karɓar kaya ya gama, layi a miƙe, ba tsalle, ba tattara. Saurinsa ya fi nawa. Na ce alhamdu lillahi, Allah ya kawo mini sauƙi.

Abin da ban sani ba, kuma ban tambaya ba, shi ne a shagon da ya fito aikin a rabe yake. Mutum ɗaya ke awo da yanka, sauran haɗawa kawai suke yi. Shekara 4 ɗin nan duk a kan keke ya yi su, bai taɓa sa almakashi a yadin mutane ba. Da ya ce shi ya ɗinka kaftanin jikinsa bai yi ƙarya ba, shi ya ɗinka, wani ya yanka. Ni kuma na gwada shi daidai a kan abin da ya iya, na bar abin da nake nemansa dominsa. Masu haɗawa ina da su, mai rage mini yanka nake nema.

Kwana uku da zuwansa aka kawo ankon abokan ango, mutum 6, shadda mai tsada daga Kantin Kwari, yadi huɗu-huɗu, bikin kuwa mako guda bayan Sallah. Na auna su da kaina, na rubuta a littafi, na miƙa masa littafin da shaddar na ce ya yanka, ni zan je ta'aziyya. Bai ce mini bai iya ba. Har yau ina tambayar kaina ko ni a matsayinsa da zan faɗa, sabon zuwa, surukin maigida ya kawo ka.

Ga abin da ya yi. Ɗauki mutum mai ƙirji inci 40. Idan an ninka yadi gida huɗu, rubu'in ƙirjin inci 10 ne. A kan 10 ɗin nan sai ka ƙara na sakewa, inci ɗaya da rabi zuwa biyu gwargwadon yadda mai kaya yake so, sannan ka ƙara na ɗinki. Shi ya sa 10, ya ƙara rabin inci na ɗinki, ya yanka. Ya ɗauka lambar da ke littafi ita ce girman riga, alhali girman jikin mutum ce. Kuskuren inci ɗaya a ninke huɗu kuwa inci huɗu ne a jiki. Riga ta fito daidai ƙirjin mutum, ba wurin numfashi, kuma haka ya yi wa dukkan shidan, domin mai sauri ne. Biyu daga ciki ya juya zanen shaddar, gaba na kallon sama, baya na kallon ƙasa, a rana sai ka ga kamar kala biyu. Da ya yi musu yawa da an rage. Abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Na gwada sa ƙari a gefen guda ɗaya, ango ya kalla, bai ce komai ba, ya ajiye. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Na koma Kwari na sayi yadi 24 da kuɗina, da kyar ma aka samu irin zanen. Ribar Sallar shekarar duk ta tafi, har na ci bashi. Na sallami mutumin da faɗa a gaban yara, abin da nake nadama, ko da yake a ranar ba wanda zai ce ban da hujja. Wani lokaci ina cewa laifin surukina ne da ya yabi abin da bai sani ba. Amma shi mai sayar da hatsi ne, me ya sani game da yanka? Ya shaidi hali, kuma halin gaskiya ne, mutumin bai taɓa ɗaukar mini ko zare ba. Ni ne na karɓi shaidar hali a madadin shaidar hannu. Sai dai kuma, a tsakiyar azumi, da kaya sun kai wuya, wa ke da yini guda na gwaji? Haka nake faɗa wa kaina. Yini gudan da na ƙi bayarwa ya ci mini wata uku.

Na zo da niyyar rubuta muku dogon jeri, amma da na zauna sai na ga abin bai da yawa. Ku gwada mutum a kan aikin da za ku ba shi, daga farko har ƙarshe, a shagonku, a gaban idonku. Ku sayi yadi mai araha, ku kira yaron shago ya tsaya, ku miƙa wa mai neman aiki tef da alli da almakashi ku ce kaftani kuke so. Sannan ku yi shiru. Shirun shi ne mai wuya, domin bakin maigida ƙaiƙayi yake yi, da ka ga zai kauce sai ka gyara masa, ka ga kanka ka gwada ke nan. Tun daga awo za ka fara gane shi, ko yana rubutawa ko ya dogara da ka, ko ya tambayi yaron sakakke yake so ko mai kama jiki. Ka duba ko zai goge yadin kafin ya shimfiɗa, ko zai duba inda zane ya fuskanta. Idan ya zo wuya ka matso kusa. Wanda ya sani yakan yanka shi da ɗan ƙaranci ya gwada, don ya san rabin inci a ninke inci guda ne a buɗe, kuma wuyan da ya yi faɗi ba shi da magani. Da ya gama, kada ka tsaya kallon gaban riga. Juya ta ciki, duba bakin aljihu da hammata, nan ne ake ɓoye ƙazanta. Hoton waya ba ya nuna cikin riga, ba ya ma nuna hannun wa ya yi ta. Yaran yanzu kuwa hoto kawai suka sani, a ɗauka a kan gunki, a ƙara masa haske, shi ke nan an zama gwani.

Akwai wata dabara da na koya daga baya. Kafin mutum ya zo, sai in sassauta zaren sama na keken da zai hau, in bar shi haka. Da ya fara taka, zare zai yi ta cukurkuɗewa a ƙasan yadi. Wanda bai sani ba yana ganin damuwar a ƙasa sai ya ciro bobin ya hau kwance shi, ko ya juyo ya ce Oga kekenka ya lalace. Wanda ya sani ya san cukurkuɗewar ƙasa yawanci daga sama take, zai sake zura zaren, ya ɗaure, ya gwada a ƙyalle kafin ya koma kan riga. A ƙaramin shago wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ba za ka riƙa kiran mai gyara kullum ba. Kuma ka biya shi kuɗin yininsa ko ka ɗauke shi ko ba ka ɗauke shi ba. Masu fakewa da gwaji su sa mutum aikin kyauta, Allah na ganinsu.

Na ce kada ku amince da shaidar ɗan'uwa. To amma kada ku ɗauki wanda ba wanda ya tsaya masa, domin kayan mutane ne ke kwana a shagon. Na san maganar ta yi karo, ku riƙe duka biyun.

Wata wautar kuma na yi bayan wannan, har ta fi ta farko ba ni kunya. Tsoro ya sa na koma gwada kowa da ma'aunin gwani, har yara masu neman koyo. Aka kawo mini wani yaro ɗan shekara 14, na ɗora shi a keke, ƙafarsa ta kasa daidaita taku, na ce ba shi da hannu, a mayar da shi. Maƙwabcina ya ɗauke shi. Yau manyan mutane ke bin layi a shagon yaron nan. Ɗan koyo ai bai iya ba ne ya zo. Shi abin da za ka duba daban ne. Zana masa layi a takarda, cire zare daga allura, ka ce ya bi layin. Na farko zai karkace, ba komai. Nuna masa sau ɗaya ka ga na biyu, ko gyaran ya shiga. Ba shi maɓalli ya ɗinka da hannu, ka ce ya warware ya sake, ka kalli fuskarsa. Mai ɓata rai a warwara ta farko ba zai jure shekara uku ba, kuma irinsu sun yi yawa yanzu, wata shida suna so a yaye su a buga musu kati.

Duk wannan na faɗa wa ɗan ƙanwata a tsaye a bakin shagonsa. Ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, in na ce zan gwada shi ai zai ga kamar na raina shi, kuma abokina zai ji haushi." Na ce ni ma kunyar surukina na ji. Na ciro kuɗin yadi uku na ajiye masa a kan tebur, na ce Litinin da safe zan zo in zauna a kan benci kamar mai jiran ɗinki, ba zan ce uffan ba. Ya ce to. Na san wannan "to" ɗin, ni na koya masa ita, irin wadda muke ce wa mai kaya ana jibi Sallah.