Darasin durasiyon: shekarun da ke kan takarda ba su ne ma'auni ba

Wanda ke riƙe da takardun lamunin gwamnati a banki ko asusun ajiya, a Garwa yake ko a Marwa, tambayar da zai sha ita ce: idan ruwan da kasuwa ke nema ya hau, nawa za mu rasa? Da yawa sukan duba ranar da takardar za ta ƙare su ba da amsa. Darasin a nan shi ne, abin dubawa lokacin da kuɗin ke dawowa hannu ne.

A ɗauki takarda ta sefa 10,000, irin wadda baitulmalin Kamaru ke sayarwa. A ce wa'adinta shekara 3, tana biyan ruwa kashi 6 cikin ɗari sau ɗaya a shekara, uwar kuɗi kuma sai a ƙarshe. Mai ita zai karɓi 600, sai 600, sai 10,600. Idan kasuwa na neman kashi 7, sai a mayar da kowane biya darajarsa ta yau: a raba na farko da 1.07 sau ɗaya, na biyu sau biyu, na uku sau uku. Za a sami kusan 561 da 524 da 8,653. Jimlarsu, sefa 9,738, ita ce farashin takardar.

Yanzu a ninka kowace daraja da shekarar da za ta zo, a tara, a raba da farashin. Tarin ya kai kusan 27,567, amsar kuma shekara 2.83. Wannan ita ce durasiyon da Frederick Macaulay ya fito da ita a 1938, wato matsakaicin lokacin jira, inda biya mai nauyi ya fi jan ma'auni zuwa wajensa.

Sai dai shekaru ba sa faɗin asara. Don haka ake raba ta da ɗaya haɗe da ruwan kasuwa, a sami gyararriyar durasiyon, wadda ma'aikatan banki da suka yi karatu da Faransanci ke kira sansibilite:

```
Dmod = Dmac / (1 + y)
ΔP ≈ −Dmod × Δy × P
```

`Dmac` durasiyon ɗin Macaulay ce, `Dmod` gyararriyar, `y` ruwan kasuwa, `P` farashi, `Δ` kuma canji. A nan 2.83 a raba da 1.07 ya ba da kusan 2.65. Ma'anarsa, ruwa ya hau da maki ɗaya, farashi ya sauka da kusan kashi 2.65 cikin ɗari. Idan ya tashi daga 7 zuwa 7.5, saukar kashi 1.32 ce, kusan sefa 129, farashi ya koma 9,609. Wanda ya sake lissafin daga tushe da 1.075 zai sami 9,610. Sefa ɗaya tak ke tsakani. A kula, da farashin kasuwa ake ninkawa. Wanda ya ɗauki 10,000 ɗin da ke rubuce zai ƙara wa asarar girma.

Gwada tsalle babba kuma, daga 7 zuwa 9. Kiyasi ya ce 9,222, lissafin gaskiya ya ce 9,241, giɓin ya zama kusan sefa 18. Dalili kuwa, alaƙar farashi da ruwa lanƙwasasshiya ce, durasiyon kuma miƙaƙƙen layi take ja daga inda ake tsaye. A irin wannan takarda mai tsayayyen biya, kuskuren gefe ɗaya yake faɗawa: kiyasi yakan zuzuta asara idan ruwa ya hau, ya rage riba idan ya sauka. Duk wanda ya ga kiyasinsa ya fi farashin gaskiya, ya koma ya duba hannunsa.

Inda aka fi yin tuntuɓe a yankinmu shi ne tsarin biyan uwar kuɗi. Lamuni da dama da ake cinikinsu a kasuwar hannun jari ta Duwala ba sa jiran ƙarshe, kashi-kashi suke mayar da ita bayan ɗan jinkiri. A ce takardarmu ta biya ruwa kaɗai a shekarar farko, sannan rabin uwa a ta biyu, rabi a ta uku. Biyan ya zama 600, sai 5,600, sai 5,300. Wa'adi bai canza ba, ruwa bai canza ba, amma durasiyon ta sauka zuwa 2.39, gyararriyar kuma 2.23. Wanda ya cusa wannan takarda a lissafin da aka tsara don mai biya a ƙarshe, zai ɗora mata haɗarin da ba nata ba. Shi ya sa a ganina karanta jadawalin biya ya kamata ya riga taɓa kwamfuta.

Harafin `y` ma yana yaudara. Ruwan da masu saye ke nema a kan wannan takardar ne, ba kashi 6 da aka buga a kanta ba, ba kuma ruwan da babban bankin yankin, BEAC, ke sanarwa ba. Babban banki na iya ƙara rabin maki, ruwan takarda mai shekara 3 ya motsa ƙasa da haka ko ya zarce. Idan kuma biyan sau biyu ne a shekara, da `1 + y/2` ake rabawa, a nan 1.035.