Takardar Ɗaukar Aiki: Darussa Daga Layukan da Ke Jawo Rigima

Wanda ya daɗe yana rubuta takardun ɗaukar aiki ya san cewa ba a karanta su da kyau sai ranar da aka samu saɓani. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa. Amma nan Katsina sau da yawa da baki ake gama magana, ko a rubuta layi huɗu don kunya, saboda yaron ɗan aminin mai gida ne. Wannan kunyar ce ke ɓata zumunci daga baya.

A ɗauka wani kamfanin rarraba kaya a Ƙofar Ƙaura, mai ma'aikata 30, ya ɗauki mai kula da sito daga 1 ga Maris. Rubuta muƙamin ba shi da wuya: sunan aikin, wurin da zai yi shi, da wanda zai riƙa karɓar umarni a hannunsa.

Albashi ne farkon tarko. In an rubuta "naira 90,000 a wata" kawai, shi ya ɗauka abin da zai shiga asusunsa ke nan. A rarraba masa: ainihin albashi 50,000, kuɗin gida 25,000, kuɗin mota 15,000. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, wato 7,200, kamfani kuma ya zuba kashi 10 daga aljihunsa, wato 9,000. Saura 82,800 kafin haraji. In bai ga wannan lissafin a takarda ba, ƙarshen watan farko zai ce an zaftare masa kuɗi, kuma ba za a ga laifinsa ba. A saka ranar biya ma.

Lokutan aiki su fito da lamba: Litinin zuwa Asabar, ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, da hutun awa ɗaya. Doka ta ba wanda ke aikin awa 6 ko fiye hutun da bai gaza awa ɗaya ba, da kwana ɗaya a kowane mako. A faɗi lokacin tashi ranar Juma'a da kuma watan azumi, a faɗi yadda za a biya shi in mota ta iso da kaya bayan an tashi.

Babbar matsalar tana wajen lokacin gwaji. Dokar Ƙwadago ba ta ƙayyade tsawonsa ba, don haka abin da takarda ta ce shi ne hujja. "Gwajin wata uku" bai isa ba. A rubuta daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Mayu, a ce ko ana iya ƙara shi da iyakar ƙarin, a kuma bayyana abin da za a duba: daidaiton littafin kaya da abin da ke cikin sito, da zuwa kan lokaci.

Ga yadda ake faɗawa rami. Takardar ta ce sanarwar sallama mako ɗaya ce lokacin gwaji, wata ɗaya bayan an tabbatar da shi. Mayu ya wuce, ba wanda ya ce uffan, albashi na ta tafiya. A Satumba manaja ya ba shi mako ɗaya, yana cewa ai ba a tabbatar da shi ba. Shi kuwa ya nemi albashin wata guda, kuma yana da ƙafar tsayawa, domin kotuna sun sha ɗaukar irin wannan shirun a matsayin tabbatarwa. Maganinsa, mako biyu kafin ƙarshen Mayu a zauna a duba aikinsa, a ba shi ɗaya daga cikin takardu uku: ta tabbatarwa, ta ƙarin gwaji mai ɗauke da dalili, ko ta sallama.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa mafi ƙarancin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya in bai kai shekara 2 ba, mako biyu in bai kai shekara 5 ba, wata ɗaya daga shekara 5 zuwa sama. Takarda na iya ba da fiye da haka, amma ba ƙasa ba, kuma sharaɗin ya hau kan ɓangarorin biyu. A ƙara da cewa ana iya biyan kuɗi a madadin sanarwar.

Kora nan take kan babban laifi, kamar sata ko sauya alƙaluman littafin kaya, a ware mata sakin layi nata. A lissafa laifukan, a ce za a fara ba shi takardar neman ba'asi da kwanakin da zai amsa. Kamfanin da ya tsallake wannan matakin yakan sha wuya a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ko da gaskiya na hannunsa.

A buga kwafi biyu, kowa ya sa hannu da kwanan wata. In ma'aikacin ba ya jin Turanci sosai, a karanta masa da Hausa a gaban shaida, shaidan ma ya sa hannu, sannan a ba shi nasa kwafin, ɗayan ya shiga fayil.