Tsirrai goma, zane biyu, da 35 da ya ƙi zama wuri ɗaya

'Yan'uwa masu koyo, yau na gano abin da ya sa zanen akwatin da na yi da hannu ya saɓa wa wanda kwamfuta ta fitar, kuma farin cikin da nake ciki ya kai yawan takaicin da al'amarin ya ba ni. Alƙaluman tsayin tsirrai goma ne a santimita: 12, 15, 16, 18, 19, 21, 22, 24, 27, 35. A takardata 35 yana cikin iyaka, layin sama ya miƙe har ya taɓa shi. A zanen matplotlib kuwa, manhajar zane ta Python, layin ya tsaya a 27, aka bar 35 a matsayin ɗigo shi kaɗai, wato ya fita zakka. Na sake lissafi har dare ya raba, ban ga inda aka yi kuskure ba, domin kuwa babu kuskuren.

Da hannu na raba jerin gida biyu, biyar ƙasa biyar sama, na ɗauki na tsakiyar kowane rabi. Rubu'i na farko ya zama 16, na uku ya zama 24, tazarar da ke tsakaninsu 8. Bisa ƙa'ida ana ninka tazarar sau 1.5 a ɗora a kan rubu'i na uku: 8 sau 1.5 ya ba da 12, saboda haka iyakar sama 36 ce, kuma 35 bai kai ta ba.

Kwamfuta ba haka take nemo rubu'i ba. Hanyar da matplotlib ke bi, wadda ita ce ta `QUARTILE.INC` a Excel, tana sanya rubu'i na farko a gurbi na `1 + (n-1)/4`, inda n ke nufin yawan alƙaluma, wanda a nan ya zama 3.25. Tun da babu adadi a wannan gurbi, sai ta tashi daga na uku, 16, ta yi kwatan tafiya zuwa na huɗu, 18, ta tsaya a 16.5. Haka kuma rubu'i na uku ya faɗa gurbi na 7.75, tsakanin 22 da 24, ya zama 23.5. Tazara ta koma 7, ninkinta sau 1.5 ya zama 10.5, iyakar sama ta sauko zuwa 34. Rabin santimita kacal kowane gefen akwatin ya matsa, amma iyaka ta motsa da santimita biyu cur, saboda canjin yana shiga lissafi ta hanya biyu: rubu'i na uku da kansa ya ragu da 0.5, sannan ragin 1 da tazara ta samu an ninka shi sau 1.5. Wannan ninkin shi ne abin da ya daɗe yana ɓoye mini.

Na gwada `QUARTILE.EXC` ma, wadda ke amfani da gurbi na `(n+1)/4`. Ta ba ni 15.75 da 24.75, tazara 9, iyaka 38.25. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ko a cikin manhajar ƙididdiga ta R kaɗai ana samun amsa biyu:

```r
x <- c(12,15,16,18,19,21,22,24,27,35)
quantile(x, c(.25, .75))  # 16.5 23.5
fivenum(x)                # 12 16 20 24 35
```

Umarnin `boxplot` na R yana dogara ne da alƙaluman `fivenum`, don haka zanensa ya yi daidai da na takardata. Masana ƙididdiga Hyndman da Fan sun jera hanyoyi tara na wannan lissafi a 1996, kuma `quantile` yana ɗaukar ta bakwai idan ba a umarce shi da wata ba.

To, 35 bare ne ko ɗan gida? A ganina alƙaluma goma ba su isa su yanke wannan hukunci ba. Ƙa'idar 1.5 da John Tukey ya yaɗa a 1977 hanya ce ta nuna abin da ya cancanci a sake dubawa, ba ta ba da izinin goge shi ba. Ko da alƙaluma sun bi rabon nan mai siffar ƙararrawa sak, kimanin kashi 0.7 cikin ɗari za su faɗa wajen iyakokin, wato kusan bakwai a cikin dubu, ba tare da wani aibu a tare da su ba. Na koma na sake auna tsiron, tsayinsa 35 ne, kuma na bar shi a lissafi.

Yanzu a ƙarƙashin kowane zane ina rubuta hanyar da aka bi wajen fitar da rubu'ai tare da iyakokin biyu. Aiki na gaba shi ne alƙaluma masu doguwar jela ta gefen sama, inda nake sa ran ƙa'idar za ta ware ɗigo da yawa, kuma zan kwatanta zanen kafin ɗaukar logaridim da bayansa.