Kwana bakwai na aiki: abin da lissafin albashin ma'aikatana ya koya mini

Ina da ƙaramar maɗaba'a a Kakuri, cikin Kaduna, mai ma'aikata 17, kuma tun da muka shiga tsarin fansho na fahimci cewa ranar biyan albashi ba ita ce ƙarshen aiki ba. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya ɗora aƙalla kashi 10 daga aljihunsa, sannan a tura duka cikin kwana bakwai na aiki daga ranar da aka biya albashi. Wannan wa'adi shi ne ya ci mini kuɗi, kuma har yau idan na tuna yadda abin ya faru sai raina ya ɓaci.

Bari in fara da lissafin kansa, domin a nan ake ganin kuɗin da ke hannunka alhali ba naka ba ne. Akwai mai kula da injin buga takardu da ke karɓar N200,000 a wata: ainihin albashi N100,000, kuɗin gida N50,000, kuɗin sufuri N30,000, kuɗin abinci N20,000. Doka ta ce abin da ake lissafa fansho a kansa kada ya gaza jimillar ukun farko, wato N180,000, kuma a kan haka yarjejeniyar aikinmu ta tsaya. Kasonsa ya kama N14,400, nawa ya kama N18,000, don haka N32,400 ke shiga asusunsa na fansho kowane wata. Ma'ana, wannan ma'aikaci N218,000 yake ci mini a wata, ba N200,000 ba, kuma duk wanda ya yi kasafi bai saka wannan ƙarin ba zai ji a jikinsa.

Sai bayan an cire fansho ake zuwa kan haraji, kuma bin wannan jeri wajibi ne. A ƙarƙashin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, N800,000 na farko a shekara ba a taɓa shi, N2,200,000 da ke biye kuma ana cire masa kashi 15. An soke tsohon rangwamen da kowa ke samu kai tsaye, aka kawo rangwamen haya, wanda yake kashi 20 na kuɗin hayar shekara, amma ba ya wuce N500,000. Mutumin nan yana samun N2,400,000 a shekara. Idan aka cire fanshonsa na shekara, N172,800, aka kuma cire N60,000 saboda hayar N300,000 da ya kawo rasit ɗinta, saura N2,167,200. A ware N800,000, sai N1,367,200 ya rage, kashi 15 ɗinsa kuwa N205,080 ne, wato N17,090 a wata. Abin da zai shiga asusunsa na banki shi ne N168,510. Da za a yi masa haraji kafin a cire fansho, da an zalunce shi N25,920 a shekara, kuma da wuya ya gane.

To, wannan N17,090 na hukumar tara haraji ta Jihar Kaduna ne, wato KADIRS, kuma dole ya isa gare ta zuwa ranar 10 ga wata mai biyowa. Jihar da ma'aikaci yake zaune ita ke da harajinsa, ba jihar da kamfani yake ba. Wannan ɓangare bai taɓa ba ni wahala ba, domin rana ce tsayayya da kowa ya haddace. Wa'adin fansho ne ke yaudara, saboda shi yana tafiya ne da ranar da ka biya albashi: idan ka biya ranar 25 saboda sallah ta matso, agogonsa ya fara bugawa tun ranar 25.

Akantan da ke zuwa mana lokaci-lokaci ne ya ba ni shawarar a riƙa tara kuɗin fansho ana turawa duk bayan wata uku. Cewa ya yi: "Alhaji, ai ba gudu kuɗin za su yi ba, in dai za a biya, babu mai tambaya." A sana'ar buga takardu masu ba da aiki sukan ja biya, don haka shawarar ta zo daidai da abin da aljihu ke so. Abin da bai faɗa ba shi ne dokar ta tanadi tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ba a tura ba, a kan kowane wata, ko ma wani yanki na wata. Jimillar fanshon ma'aikatana tana kusan N450,000 a wata, kashi 2 ɗinta N9,000 ne. Kuɗin watan farko ya makara wata biyu, N18,000 ke nan. Na wata na biyu ya makara wata ɗaya, N9,000. A kowane zango N27,000, a shekara N108,000, wannan ma in an yi sa'a ba a zarce ko da kwana ɗaya ba.

Ba mu ankara ba sai da muka tashi neman takardar shaidar bin doka ta hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, domin shiga takarar wata kwangila. A nan ake jera ranakun biyan albashi da ranakun tura fansho, sai giɓin ya fito fili, kamar yadda ramin ƙarya yake ƙurarre. Kafin mu gama daidaita takardu, lokacin miƙa takardun kwangilar ya wuce. Tarar ba ta yi mini zafi kamar wannan ba. Sauƙin da na samu ɗaya ne: tarar bashi ce da ake bin mai aiki zuwa asusun ma'aikaci, kuma haƙƙinsa ne, tunda watannin da kuɗinsa ya yi a hannuna watanni ne da kamfanin fanshonsa bai juya masa su ba.

Daga nan na sauya takardar albashi. A da layi uku kawai take ɗauke da shi. Yanzu tana nuna sunan ma'aikaci da watan, lambarsa ta haraji, sunan kamfanin fanshonsa da lambar asusunsa, kowane alawus a layinsa, sannan fansho da haraji kowanne daban, sai abin da ya rage masa. Kashi 10 nawa ina rubuta shi a gefe, ba a cikin abubuwan da aka cire ba, don kada ya zaci daga albashinsa aka ɗiba. Na kuma ƙara layi guda da babu wanda ya tilasta mini: ranar da aka tura fanshon watan jiya. Na gaya musu duk wanda bai ga N32,400 ɗinsa, ko abin da ya kama nasa, a saƙon kamfanin fansho ba, ya zo ofis da takardarsa. Wani dattijo mai yankan takarda ya taɓa zuwa ya ce: "Ranka ya daɗe, na watan jiya bai shigo ba." Muka duba jadawalin da ke raka kuɗin, muka tarar lamba ɗaya ta sauya a lambar asusunsa, aka gyara kafin wani albashin ya zo.

A yanzu ba na sa hannu a biyan albashi sai kuɗin fansho da na haraji suna nan a ware, kuma fansho yana fita ne a ranar da albashi ya fita, ba na jiran kwana bakwai ɗin. Idan kuɗi bai kai ba, nawa albashin ne ke jira. Wannan tsari ya kuma rage mini wahalar watan Janairu, domin bayanin harajin ma'aikata na shekara, wanda ake miƙa wa KADIRS zuwa ranar 31 ga watan, daga takardun albashin nan goma sha biyu nake tattara shi.